Jimla Biyu a Saman Sibi: Yadda Sabon Mai Digiri Zai Gabatar da Kansa

A saman kowace takardar sibi, ƙasa da suna da lambar waya, akwai ɗan fili da bai wuce layi uku ko huɗu ba. Nan idon mai ɗaukar aiki yake fara sauka, kuma nan ne yawancin waɗanda suka gama jami'a ko kwalejin fasaha suke zubar da damarsu. Galibi ma ba su ne suka rubuta abin da ke wurin ba. Mai shagon buga takardu ne ya buɗe tsohuwar sibin wani, ya goge suna ya sa nasu, ya bar sauran yadda ya gan shi: mutum mai ƙwazo, mai gaskiya da riƙon amana, wanda yake neman ma'aikata mai daraja inda zai ba da gudummawa ya kuma ƙara gogewa. Wanda yake zaune da tulin takardu ɗari a gabansa ya karanta wannan maganar har ya haddace ta, saboda haka idonsa yakan tsallake ta ba tare da ya sani ba.

Abin da ya kamata ya zauna a wannan fili jimla biyu ne. Ta farko tana faɗin abin da ka karanta da wurin da hannunka ya taɓa aiki, da tsawon lokacin da ka yi a wurin. Ta biyu tana kawo wata shaida guda da za a iya ƙirgawa ko a duba, sannan ta ɗaure ta da aikin da kake nema. Idan an mayar da su Turanci, kalma arba'in zuwa hamsin sun isa. Rubuta su ba wuya. Wuyar tana wajen tono abin da za a zuba a ciki.

Fara da logbuk

Ɗalibi yakan ce, "Ai ni ban taɓa aiki ba, me zan rubuta?" Sau da yawa mantuwa ce kawai. Tun 1973 hukumar ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ɗalibai suka fi kira ai-ti, domin a tura masu karatun kimiyya da fasaha da injiniyanci da makamantansu ma'aikatu su san makamar aiki kafin su gama. A jami'o'i da yawa wata shida ne. Mai difloma ta ƙasa yakan yi shekara guda yana aiki kafin ya koma babbar difloma. Ɗalibin fannin ilimi yana da koyarwar gwaji. Kowa kuma, kusan ba togiya, ya rubuta furojet a ajin ƙarshe ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Duk wannan aiki ne, kuma akwai shi a rubuce: logbuk ɗin da kake cikewa sufabaiza yana sa hannu, da rahoton da ka miƙa bayan ka dawo makaranta, da babi na uku da na huɗu na furojet ɗinka.

Ɗauko su ka kakkaɓe ƙura. Ka sami farar takarda, ka bi logbuk shafi-shafi kana fitar da duk abin da ka yi da hannunka. Wurin da ka rubuta "an nuna mana" ko "mun kalli yadda ake" ka wuce shi. Wurin da ka rubuta "na shigar", "na auna", "na gyara", "na haɗa", shi kake nema. A gefen kowanne ka rubuta abu uku: da wane kayan aiki ka yi, sau nawa ko guda nawa, kuma wa ya yi amfani da abin da ka yi ɗin. Kada ka damu da kyan lafazi a wannan matakin. Jeri kake so, ko da ya kai layi ashirin.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata yarinya ce ta karanta ƙididdiga, ta gama bautar ƙasa, tana neman aiki. Ga abin da ta tono. Ta yi ai-ti na wata shida a sashen adana bayanan marasa lafiya na wani babban asibitin gwamnati. Makonnin farko ciro fayil da mayar da shi kawai take yi. Daga baya aka ba ta rajistar awon ciki tana kwashe abin da ke cikinta zuwa Excel, tana kuma taya jami'in sashen haɗa rahoton ƙarshen wata. A wani hutu ta yi mako uku da wata ƙungiya tana shiga gida-gida da waya tana cike tambayoyi a KoboToolbox. Furojet ɗinta a kan hawa da saukar farashin masara ne a kasuwar Dawanau, ta raba takardun tambayoyi ga 'yan kasuwa 120 ta tantance amsoshin da SPSS. A aji biyu kuma su biyar sun yi aikin rukuni a kan kuɗin motar da ɗalibai suke kashewa.

Da aka ce ta gabatar da kanta, abin da ta fara rubutawa shi ne: "Matashiya mai ƙwazo da son koyo, mai iya aiki ita kaɗai ko cikin jama'a, tana neman wurin da za ta yi amfani da iliminta." Duba da kyau, babu asibiti a ciki, babu Dawanau, babu ko kalmar ƙididdiga. Ɗan ajinsu da bai taɓa leƙa wurin ai-tinsa ba zai iya ɗaukar jimlar nan ya sa a tasa sibin ba tare da ya canza komai ba sai jinsi. Wannan shi ne gwaji na farko da za ka yi wa duk abin da ka rubuta: idan wani ɗan ajinku zai iya sa hannu a ƙarƙashinsa, to bai zama naka ba tukuna.

Yadda ake samo adadi ba tare da ƙarya ba

Nan ya kamata a daɗe, domin nan ne jimlar take samun ƙarfinta, kuma nan ne ake zamewa.

Yarinyar nan ba ta ƙirga bayanan da ta shigar ba, kuma ba wanda yake ƙirgawa. Amma ana iya lissafa su. Logbuk ɗinta ya nuna cewa ranakun awo biyu ne a mako, ta tuna cewa a kowace rana takan shigar da layi kusan arba'in, kuma ta yi mako goma sha shida tana wannan aikin. Biyu sau arba'in sau goma sha shida ya ba da 1,280. Ba za ta rubuta 1,280 ba, domin kimantawa ce, kuma akwai makon da ba wuta, akwai ranar da ba ta zo ba. Za ta sauko ƙasa ta ce "sama da 1,000". A kullum ƙasa ake zagayowa. Idan aka tambaye ta a intabiyu ina ta sami wannan adadi, za ta warware lissafin nan a cikin numfashi biyu, kuma warwarewar kanta za ta nuna cewa mai ƙididdiga ce ke magana.

Abin da ba za ta rubuta ba shi ne irin "na inganta aikin sashen da kashi talatin cikin ɗari". Masu koyi da sibin da suka gani a intanet suna son wannan salon. Amma wa ya auna aikin sashen kafin ta zo, wa ya auna bayan ta tafi? Ɗalibar ai-ti ba ta da wannan ma'aunin, kuma wanda ya san aiki ya san ba ta da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya ɗaya ce za ta kai ta bango. Adadin da sabon mai digiri zai iya tsayawa a kansa na girman aiki ne: mutum nawa, layi nawa, mako nawa, samfuri nawa, ɗalibai nawa a aji.

Wani zamewar kuma ita ce tara watanni. Wata shida na ai-ti, da mako uku na ƙungiya, da shekarar bautar ƙasa, da zangon furojet, a dunƙule su a ce "gogewar shekara biyu a harkar bayanai". Mai karatu zai gangara ƙasa ya ga shekarar da aka gama makaranta, ya yi lissafinsa, daga nan kuma ya daina yarda da sauran takardar. "Wata shida" da aka faɗa a sarari ya fi amfani, domin wanda ya buɗe gurbin sababbin ma'aikata ya riga ya san sababbi ne za su zo.

Bayan adadi, sai ka nemi wurin da ka ga matsala ka yi wani abu a kai. Da aka matsa wa yarinyar nan da tambaya sai ta tuna wani abu da ba ta ɗauke shi komai ba. Mace takan zo awo, ta ɓatar da katinta, ta dawo a buɗe mata sabo, wani lokacin ma a rubuta sunanta da wani harafin daban, yau Hauwa'u gobe Hauwa. Sai a ƙirga mace ɗaya sau biyu a matsayin sabuwar zuwa, rahoton wata ya kumbura. Ita ce ta jera bayanan bisa lambar waya da unguwa, ta fito da waɗanda aka maimaita ta nuna wa jami'in sashen. Wannan ɗan abin ya fi duk sauran jerin daraja. Shigar da bayanai kowa zai iya koya a mako guda. Lura da cewa bayanan suna da aibu, wannan shi ake biyan albashi a kai. Kusan kowane ɗalibi yana da irin wannan labarin guda ɗaya, kuma kusan kullum a baki yake fitowa idan ana hira, a logbuk ba a rubuta shi ba. Shi ya sa yake da kyau ka sa aboki ya zauna ya yi maka tambayar ƙwaƙƙwafi: da ka je me ka tarar, me ya taɓa lalacewa, me aka taɓa ce maka "madalla" a kai.

Tallar aikin ce take zaɓa

Yanzu tana da abu huɗu, wuri kuwa na biyu ne kawai, uku idan an matsa. Ba ita za ta zaɓa da son ranta ba. Da so ne, da furojet za ta sa gaba, tunda shi ya fi ba ta wahala. Tallar aikin ce take yanke hukunci.

A ce wata ƙungiyar lafiya ce take neman mataimakin jami'in bayanai. Tallar ta ce za a riƙa karɓar rahoton wata-wata daga cibiyoyin lafiya, a tace shi, kuma ana son wanda ya iya Excel da tattara bayanai ta waya. Sai ta ja layi a ƙarƙashin ayyukan da aka ambata, ta ɗora jerinta a gefe ta ga waɗanda suka yi daidai. Asibiti ya dace sosai. Aikin gida-gida ya dace. Dawanau ba ta da wuri a nan, za ta sauka ƙasa sashen karatu. Aikin rukunin aji biyu kuwa ya fita gaba ɗaya. Ga abin da ya fito:

"Na kammala digiri a ƙididdiga, na yi wata shida ina sanin makamar aiki a sashen bayanai na babban asibitin gwamnati, inda na shigar da bayanan awon ciki sama da 1,000 a Excel na kuma tace waɗanda aka maimaita. Na tattara bayanan gidaje 90 da KoboToolbox, kuma a shirye nake in riƙe rahoton wata-wata na cibiyoyin lafiya ya riƙa fita daidai a kan lokaci."

Babu ƙwazo, babu gaskiya, babu amana a cikin jimlolin nan, amma wanda ya karanta zai ga ƙwazon da kansa. Ka lura kuma ta faɗi cewa sanin makamar aiki ta je, ba ta yi wa kanta rawanin jami'a ba. Rabin jimla ta biyu ma yana magana ne a kan abin da ƙungiyar za ta samu. Tsohon salo yakan ƙare da abin da mai nema yake so, wato ya ƙaru, ya gogu, ya ci gaba. Mai ɗaukar aiki kuwa rahotonsa ne yake makara, shi ya sa ya buga talla.

Akwai wata jarabawa a nan. Ma'aikatun lafiya a Najeriya suna tara bayanansu a manhajar DHIS2, kuma tallar irin wannan aiki takan ambace ta. Yarinyar ta sha ganin jami'in yana buɗe ta, amma ba ta taɓa shigar da komai a ciki ba. To kada ta sa sunanta a jimlolin. Ƙa'idar ita ce, duk manhajar da ka ambata a saman sibi, ka ɗauka za a iya juyo maka kwamfuta a ce bismilla. Idan tana so, ta ambaci cewa ta taya haɗa rahoton da ake shigarwa a ciki, a ƙasa, wurin bayanin ai-ti.

Sai kuma a ce mako mai zuwa wani kamfanin sayen hatsi ne yake neman mai riƙe masa lissafin kaya da bibiyar farashi. Yarinya ɗaya, jeri ɗaya, amma tsarin ya juya:

"Na kammala digiri a ƙididdiga da bincike kan hawa da saukar farashin masara a kasuwar Dawanau, inda na tattara amsoshin 'yan kasuwa 120 na tantance su da SPSS. Na yi wata shida ina sanin makamar aiki a babban asibiti, inda na riƙe rajista da Excel, kuma zan iya riƙe lissafin shige da ficen kaya tare da rahoton farashi na mako-mako."

Minti goma ya isa wannan sauyin idan jerin yana ajiye. Saboda haka kada ka yar da farar takardar nan. Ita ce rumbun, jimlolin kuwa awon rana ne da ake ɗiba gwargwadon baƙon da ya zo.

Na yi, ko mun yi

An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaro mai tarbiyya ba ya cika baki gaban manya. Wannan kunyar takan bi mutum har kan takarda, sai ka ga "na ɗan taimaka", "na sami damar kasancewa cikin", "an ba ni dama na ga yadda". Duk waɗannan suna rage aikin da aka yi da gaske. Faɗin cewa ka shigar da layi dubu ba yabon kai ba ne, labari ne, kuma akwai sa hannun sufabaiza a kansa. Yabon kai na ainihi ma shi ne tsohuwar jimlar da take cewa kai mai gaskiya ne mai amana, domin wannan shaida ce da ta kamata ta fito daga bakin wani.

Aikin rukuni yana buƙatar kulawa ta ɗaya ɓangaren. Idan ku biyar kuka haɗa na'urar ban ruwa mai aiki da hasken rana, kada ka ce "na ƙera". Kada kuma ka ɓuya a cikin "mun ƙera" har a rasa inda kake. Ka faɗi rabonka: "a rukunin mutum biyar, ni na yi lissafin girman faifan sola da batir." Idan kuwa ka duba ka ga gudummawar kuɗi kawai ka bayar, to wannan aikin ba naka ba ne, bar shi.

Wanda ai-tinsa ya tafi a banza fa? Akwai su da yawa, an ajiye su a benci, aikinsu kwafin takardu da sayo wa oga abinci. Shawarata ita ce kada a ƙawata shi. A bar shi a ƙasa da kwanan watansa, a gina jimla ta farko a kan furojet, ko a kan bautar ƙasa. Wanda aka tura makarantar sakandare ya koyar da lissafi aji biyu na shekara guda yana da abin faɗa: yawan ɗaliban, darasin, da ko shi ya tsara jarrabawa ya haɗa sakamako. Haka wanda ya riƙe littafin shagon mahaifinsa tun yana aji ɗaya. Ana raina irin wannan don ba a ofis aka yi shi ba, alhali mai kamfanin hatsi zai fi gane shi a kan wani kwas na kwana uku.

Matakin digiri kuwa, idan daraja ta ɗaya ce, ko tallar ta sa shi sharaɗi kuma ka cika, kalma biyu ne, sa shi a jimlar farko. In ba haka ba ya jira a sashen karatu. Haka batun kammala bautar ƙasa.

Idan za ka mayar Turanci, ko Faransanci ga 'yan Nijar, ka fara rubutawa da harshen da kake tunani da shi, domin a nan ne za ka gane ko akwai magana a ciki ko iska ce. A sibin Turanci an saba a jefar da "ni", a fara kai tsaye da abin da aka karanta. Kada ka bari manyan kalmomi su dawo ta taga a wannan matakin. Ka kuma kula da jimlar da aka yi ta ɗaura mata waƙafi har ta zama sakin layi. Karanta ta da ƙarfi. Idan numfashinka ya ƙare kafin aya, cire abu guda, kuma yawanci jerin sunayen manhajoji ne ya kamata ya tafi.

Sirrin wurin da ka yi aiki ma yana kanka. Yawan layin da aka shigar ba sirri ba ne, amma sunan mara lafiya, ko cinikin kamfani, ko aibun da ka gano a littafinsu da zai kunyata su idan an haɗa da sunansu, waɗannan ba sa hawa sibi. Shi ya sa yarinyar ta ce "babban asibitin gwamnati" a sama, ta bar cikakken sunan a ƙasa tare da kwanan wata.

Kafin ka tura, ka bi jimlolin gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ka mayar da ita tambaya ka amsa da baki. A misalin yarinyar nan: wane asibiti? Yaya kika gane an maimaita? Gidajen nan 90 a wace unguwa, kuma me kike yi idan mai gida ya hana shiga? Duk gaɓar da ka yi in'ina a kanta, ko dai ka koma ka tuno ta sosai ko ka cire ta. Daga nan ka kira wanda ya kula da kai a wurin ai-ti, musamman idan sunansa za ka bayar a matsayin mai tsaya maka. Ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na rubuta a kan zamana a wurinku," ka karanta masa. Idan ya gyara wani adadi, ka ɗauki nasa. Idan ya ce haka aka yi, sai ka tura.